Wasiƙar ba mai zane aikin hoton aure na wotakala: tambayoyi da amsoshi

Sana'ata sa hotuna a firam ce a nan Sakkwato, don haka kusan duk zanen da aka yi wa amarya da ango a wannan yanki namu sai ya biyo ta teburina kafin ya hau bango. Ina ganin wanda mai shi ya rungumo yana murmushi, ina kuma ganin wanda aka ajiye mini ana tsaki. Da na bi diddigi, sai na tarar yawancin masu tsakin ba mai zane ne ya kasa ba, ba a faɗa masa abin da ake so ba ne. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan.

Me zai sa in rubuta wasiƙa? Ba sai in tura masa hoto mu yi magana ta waya ba?

Dalilin yana cikin fentin kansa. Wotakala fenti ne garai-garai da ake tsinkawa da ruwa, takarda na shanye shi, kuma ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Mai zane yana farawa ne da launi mai haske, ya bari ya bushe, ya ɗora wani a kai, a hankali har ya kai ga mai duhu. Hanyar gaba kawai take zuwa. Abin da ya yi haske ana iya ƙara masa duhu, amma abin da ya riga ya yi duhu ba a shafe shi da wani launi kamar yadda ake yi da fentin mai. Iyakar abin da zai iya shi ne ya jiƙa wurin ya ɗan tsotse launin, kuma in ya matsa sai fuskar takardar ta kwaile. Saboda haka duk shawarar da za a yanke, a yanke ta kafin buroshi ya taɓa takarda.

Wata baiwar Allah daga Mabera ta taɓa kawo mini zanen ƙanwarta da aka aurar. Saƙon da ta tura wa mai zanen ta nuna mini shi a waya, layi ɗaya ne: "Malam ga hoton, a yi shi ya yi kyau." Shi kuma ya yi iyakar abin da ya fahimta da kyau. Ya haska fatar amarya, ya goge 'yar tsagar da ke kumatunta, ya mayar da ƙunshin hannunta wani dabbare-dabbare ja. Da aka kai wa amaryar sai ta duba ta ce, "Yaya, wagga ba ni ta ba." An biya kuɗi, an ɓata mako uku, kuma babu wanda za a kama da laifi. Tare muka zauna muka rubuta wasiƙar karo na biyu, tana ƙasa.

In na rubuta "irin na wotakala", ai ya gane ko?

Bai gane ba, domin abu uku ne ake kira da wannan suna. Akwai na hannu, fenti da ruwa a kan takarda, guda ɗaya tak a duniya. Akwai wanda ake zanawa da hannu a kan kwamfutar hannu da buroshin da ke kwaikwayon ruwa, daga baya a buga shi. Wannan ma aiki ne na gaske, kuma yana karɓar gyara fiye da na takarda. Na uku shi ne a ɗauki hotonka a bi da shi ta filtar waya cikin minti ɗaya. Ba haramun ba ne in shi ka nema, amma bai kamata ka biya kuɗin na farko a ba ka na uku ba.

Faɗi wanda kake so a jimlar farko ta wasiƙar. Kuma ka rubuta kalmar wotakala, kada ka tsaya a "fentin ruwa" kaɗai, don a bakin mutane da yawa fentin ruwa shi ne na shafa wa bango.

In na takarda ne, ambaci takardar: ta wotakala mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, in da hali ta auduga. Wadda ba ta kai haka ba tana kumbura ta yi tudu da kwari da zarar ta sha ruwa, kuma ni da nake sa ta a firam na san wahalar kwantar da ita. Mai santsi ta fi fitar da ƙananan abubuwan fuska, mai ɗan kaushi ta fi nuna malalar ruwa. In na bugawa ne, nemi fayil ɗin a 300 dpi, ɗigo 300 a kowane inci ke nan, a girman da za a buga, wato A3 ya zama fiksel 3508 × 4961, a ba ka shi a PNG ko TIFF.

Wane hoto zan tura, kuma ta yaya?

Na asali, wanda ya fito daga hannun mai ɗaukar hoton biki. Ba wanda aka kwafo daga shafin wata ƙawar amarya ba, ba kuma wanda ya zagaya rukunin dangi sau biyar ba. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, tsawonsa ya dawo wajen fiksel 1600. A hoton da mutum biyu ke tsaye tun daga hula har takalmi, kan kowannensu iyakarsa wajen fiksel 200 ke nan. Mai zane ba zai ga siffar ido ko lanƙwasar leɓe a ciki ba, sai ya cike da hasashe, hasashen nan kuwa shi ke haifar da fuskar da ta yi kama da kowa. Ka danna alamar haɗa fayil, ka zaɓi Document, hoton zai tafi da cikakken nauyinsa.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar amarya ta cika allon waya. In kana ganin gashin ido da ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar idon, ya isa. In ya zama dishi-dishi, koma wurin mai hoto.

Kada ka tsaya a hoto ɗaya. Babban hoton shi ke ba da tsayuwa da kaya. Ƙara hoton fuskar kowannensu daga kusa, da na hannun amarya in ana son ƙunshin ya fito. A wasiƙar ka sa wa kowane hoto lamba, ka faɗi aikin da zai yi.

Wane girma ya dace?

Girman kai ne ke yanke wannan, ba girman bango ba. Tsayin baligi kusan kansa bakwai da rabi ne. A4 tsawonta santimita 29.7 ne. In ka cire gefe, ka tsayar da mutum biyu cikakku a santimita 24, kan kowanne zai tashi kimanin santimita 3, bai fi tsawon dabino ba. A wannan ƙanƙanta da wuya kama ta fito, kome ƙwarewar hannu. Amma a A3, mai santimita 29.7 da 42, in aka yanke hoton daga ƙugu zuwa sama, kai yana samun santimita 8 zuwa 9. Nan ne ake gane mutum daga bakin ƙofa.

Don haka in kama kake so, zaɓi daga ƙugu zuwa sama. In kuwa babbar riga da jan leshin amarya har ƙasa ne abin so, to ka yarda fuska za ta zama alama kawai, ko ka hau A2 ka ƙara kuɗi. Ka kuma roƙi a bar santimita 3 fari a kowane gefe, don nan ne kwalin firam zai hau ba tare da ya cinye hula ko gwiwar hannu ba.

Yaya zan yi bayanin launin fata?

Nan aka fi samun saɓani, kuma nan mutane suka fi jin nauyin magana. Hoton biki ba ya faɗin gaskiyar fata. Akwai kwalliyar da aka yi wa amarya, akwai hasken fitilar mai hoto, sannan akwai gyaran da ya yi a kwamfuta, wanda sau da yawa yakan haska kowa. Ga kuma allon waya, naka daban, na mai zane daban. In ka ce "wankan tarwaɗa ce", abin da ke ranka da abin da ke ransa ba lallai su haɗu ba.

Abin da ke aiki shi ne ka tura hoton da aka ɗauka da rana a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin bishiya, ba kwalliya, ka ce daga nan za a ɗauki launin fata, daga hoton biki kuma a ɗauki jan baki da kwalli. Sannan ka nemi gwajin launi: ya shafa launin fatar kowannensu a guntun irin takardar da zai yi aiki da ita, ya bari ya bushe, ya nuna maka. Bushewar tana da muhimmanci, domin wotakala yana yin haske in ya bushe fiye da yadda yake a jiƙe.

Fata mai duhu ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Ana gina ta ne shafi bisa shafi da launin ƙasa mai ja-ja, da ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan shuɗi a wuraren inuwa, a bar goshi da karan hanci da haske. Wanda ya gajarce hanya ya zuba baƙi, fuskar takan fito toka-toka kamar an tashi daga jinya. In ka ga haka a ayyukansa na baya, nemi wani. Kuma tunda ƙara duhu ya fi rage shi sauƙi, ka ce ya nuna maka fuskar kafin shafin ƙarshe.

Tsaga, tabon sallah, wushirya, gilashin ido: faɗi ɗaya bayan ɗaya, a bari ko a cire. Wasu masu zane suna ɗauka gogewa kyautatawa ce. A wurin Bagobiri ko Bazabarme mai tsagar gado, gogewar ta cire shi daga hotonsa.

Kayan jiki fa? Farar shadda, leshi, gwal, ƙunshi?

A wotakala fari ba fenti ba ne, takardar ce aka ƙyale ba a taɓa ba. To in ango na cikin farar babbar riga kuma ka ce a bar bayan hoton fari, rigar za ta narke cikin takarda, ka ga kai da hula suna shawagi. Sai an zuba wani launi mai sanyi a bayansa, shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, ya zagaye kafaɗa, sannan rigar ta tsaya. Faɗi launin da kake so a bayan, ka kuma faɗi a cire kujeru, rumfa da kawunan 'yan biki.

Leshi mai duwatsu ba a zana shi dutse bayan dutse, sai dai a nuna yanayinsa. Zaɓi wuri ɗaya ko biyu da kake son a bi dalla-dalla, misali aikin wuyan riga da zanen hula, sauran a sake su su malale, don sakin nan shi ne kyan wotakala. Gwal kuma da rawaya da ruwan ƙasa ake kwaikwayonsa, ba zai yi walƙiya ba. Akwai fenti mai ƙyalli, amma in aka ɗauki hoton zanen don bugawa ƙyallin ba ya fitowa. Ƙunshi sai hannu ya samu girma, kuma ka bambance masa jan lalle da baƙin zane.

A gidanmu ba a rataye hoton mai rai. Akwai mafita?

Hukuncin na malamai ne, ba nawa ba. Abin da na gani ana yi shi ne a zana su ba ido ba hanci ba baki, ko daga baya, ko hannuwa kawai da ƙunshi da zobe. In kyauta za ka yi, tambayi masu gidan tukuna, kada ka kashe kuɗi a kan abin da zai ƙare a bayan sif.

Sau nawa zan iya cewa a gyara, kuma yaya biyan kuɗi?

Gyara yana da wurinsa, wato zanen fensir. A nan ake duba tsayuwa, girman kai, karkatar hula, tsawon hanci, don fensir na goguwa. Sau biyu ya wadatar, kuma kowane karo ka tattara duk gyaran a saƙo ɗaya. Abin da ke kashe aiki shi ne yau gwaggo ta ce ido ya yi ƙanƙanta, gobe kawu ya ce hula ta yi tsawo, jibi amarya ta warware duka. Wasiƙar ta ambaci mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe.

Kuɗi kuwa, rabi kafin alƙalami, ciko bayan ka ga hoton aikin da aka gama, kafin a miƙa maka shi. Rubuta abin da zai faru in an fasa, da abin da kuɗin ya ƙunsa: firam, kuɗin mota, fayil. Rana kuma a ƙirga ta daga lokacin da kafin alƙalami ya shiga, kuma jinkirin amsarka ya hau kanka.

Zai iya sa hoton matata a shafinsa na talla?

Yawancinsu da haka suke samun ciniki, don haka in ba ka hana ba, zai sa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya yi shi, sai in an miƙa shi a rubuce. Sayen takardar bai mayar da kai mai haƙƙin ba. Amma dokar ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto ko aka zana shi don amfanin gida izinin amfani da aikin ba don kasuwanci ba, da ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, matuƙar ba a yi wata yarjejeniya saɓanin haka ba. Duk da haka ka rubuta shi ƙarara, don hana abu ya fi sa a sauke shi sauƙi bayan dangin miji sun gani. Ka kuma sanar da mai hoton biki cewa za a yi zane daga hotonsa, shi ma yana da haƙƙi a kai.

To, yaya wasiƙar take?

Ga wadda muka rubuta da baiwar Allahn nan, na cire sunaye. Kuɗin cinikinsu ne, ba farashin kasuwa ba.

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ina son ka zana mini hoton auren ƙanwata da mijinta da wotakala na hannu a kan takarda, ba na kwamfuta ba. Takardar ta zama ta auduga mai giram 300, girman A3, a tsaye, da fari santimita 3 a kowane gefe.

Na turo hotuna huɗu ta Document. Hoto na 1 shi ne na tsayuwa da kaya, a yanke shi daga ƙugu zuwa sama, ango a dama yadda yake. Na 2 da na 3 fuskokinsu ne da rana, daga su za a ɗauki launin fata, don Allah kada a haska. Jan baki da kwalli a bi hoto na 1. Na 4 hannun amarya ne, jan lalle a yatsu, baƙin zane a bayan hannu.

A bar tsagar kumatun amarya da wushiryarta. A bar gilashin ango, amma a cire hasken fitila da ya rufe masa ido na hagu. Aikin wuyan rigarsa da zanen hularsa a bi su dalla-dalla. Leshin amarya kore ne mai duhu, a nuna yanayinsa kawai, mayafin kuma ya rufe wuya da kafaɗa kamar yadda yake a hoton. A cire kujeru da mutanen baya, a sa shuɗi mai sanyi ya zagaye su don farar rigar ta fito. Ba rubutu a jiki sai sa hannunka ƙarami a ƙasa.

Ina jiran zanen fensir cikin kwana 5 daga ranar da kafin alƙalami ya shiga, tare da gwajin launin fata da na leshi a busasshiyar takarda. Ina da gyara sau biyu a fensir, zan amsa cikin kwana 2, kuma maganata kaɗai za ka bi. In na amince, fenti kwana 14, ka nuna mini fuskokin kafin shafin ƙarshe. Na san bayan fenti ba a sake tsayuwa ko girma.

Mun daidaita a naira 80,000, ba firam. Zan turo 40,000 yau, ciko in na ga hoton aikin. In na fasa bayan fensir, kafin alƙalami naka ne. In kai ka fasa, ka mayar mini. Tare da zanen ina son hotonsa a 300 dpi don in buga wa iyayenmu kofi biyu, ba na sayarwa ba. Ban yarda a sa zanen ko hotunan a kowane shafi ba, kuma a goge hotunan bayan an gama.

In ka amince, ka amsa da "na amince da duk sharuɗɗan". In akwai wanda ba zai yiwu ba, ka faɗa mini kafin ka fara. Allah ya taimaka, na gode.

Da ya karanta, abu ɗaya ya ja da shi. Ya ce, "Hajiya, ƙunshin nan a wannan girma baƙin zanen ba zai fito ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai alamarsa." Ta yarda, suka ƙara layi ɗaya a wasiƙar.

In ya iso, me zan duba, kuma yaya zan ajiye shi?

Riƙe wasiƙar a hannu ka bi ta layi-layi, da rana ba da fitila ba. Na hannu yana da alamunsa: sawun fensir a ƙarƙashin launi, bakin ruwa mai ɗan duhu inda fenti ya tsaya ya bushe, da takarda da ta ɗan motsa. In ka matsa da kyamarar waya ka ga launin ƙananan ɗigo-ɗigo ne a jere, kuma takardar sumul kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba, bugawa aka yi.

In daga wani gari za a sako shi a mota, a kwance tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, cikin leda, ba a naɗe ba. Kada a yi masa laminetin, ledar ba ta ɓaruwa daga baya ba tare da ta tafi da fenti ba. Firam mai gilashi, da kwali tsakanin gilashin da takardar don kada su manne in damina ta kawo laima. Bayan firam ɗin nakan bi shi da tef ko'ina, in ba haka ba ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta shiga ta zauna a kan farar rigar. Sai bango: ranar Sakkwato ba ta raga wa launi, kuma wasu jajaye da ruwan hoda su ke fara kodewa. Zaɓi bangon da hasken taga ba ya sauka a kansa, nesa da kicin da inda ake kunna turaren wuta.